Yadda ake rubuta saƙon godiya bayan an zagaya da kai wurin aiki ko an yi maka intabiyu a kan abincin rana

Na duba wa ƙanne da abokai irin wannan saƙon ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, kuma kusan dukansu wuri ɗaya suke faɗuwa. Gaisuwa lafiya lau, godiya lafiya lau, sai an zo wajen faɗin abin da mutum ya gani game da ma'aikatan, sai ka ga an rubuta "na ga kuna da haɗin kai da son juna". To wa ba zai iya rubuta wannan ba? Wanda bai ma taka ƙofar kamfanin ba zai rubuta shi. Ba zan tsaya koya maka buɗe imel ko gaisuwa ba, wannan jimlar ta tsakiya ita ce aikin.

Da farko, aikin yana farawa ne tun kafin ka isa gida. Da ka fito daga get, nemi wuri ka tsaya minti biyar ka rubuta a waya abubuwa uku da idonka ya gani ko kunnenka ya ji, da wanda ya yi, da inda aka yi. Kar ka ce sai dare, wallahi zuwa dare sunaye sun cakuɗe, abin da zai rage maka kawai shi ne "mutanen kirki ne". A lokacin zagayen kuwa kar ka fito da waya kana ɗaukar hoto, wurare da yawa sun hana, wasu ma sai ka sa hannu a takardar riƙe sirri kafin su shigar da kai.

Na biyu, cikin ukun nan ka ɗauki ɗaya tak. Ni dokata ke nan, ɗaya, in ka jera uku saƙon ya koma rahoton mai bincike. Wanda za ka ɗauka ya zama abin da wani ya aikata a gabanka. Misali a zagayen masana'anta ka iske lokacin canjin aiki, masu tashi da masu kamawa sun tsaya gaban allo kamar minti goma, wani ƙaramin ma'aikaci ya ce injin layi na biyu yana wata ƙara tun safe, shugaban sashen bai katse shi ba, ya ɗauki alƙalami ya rubuta a allon da sunan wanda zai duba. Wannan shi ne abin lura. Yana da wuri, yana da lokaci, kuma wanda ya zagaya da kai zai tuna yana tsaye a gefenka aka yi.

Gwajin da nake yi mai sauƙi ne, in ka cire sunan kamfanin ka sa na wani kuma jimlar ta zauna daram, to ba ka faɗi komai ba, goge ta.

Yanzu inda ni na taɓa ƙonewa. An zagaya da ni wani babban sito, na lura kayan da aka dawo da su suna jibge a hanyar da motar ɗaga kaya ke bi, ni kuma ga ni da zumuɗi, sai na rubuta a saƙon godiya cewa na ga wannan matsalar kuma in an ɗauke ni zan gyara. A raina na nuna basira. Ashe matar da na aika wa ita ce ke da alhakin wannan sashen, wato na je gidan mutum na ci abincinsa na fito ina nuna masa inda bai share ba. Ko amsa ban samu ba. Awa ɗaya ka yi a wurin, ba ka san dalilin jibgewar ba, ƙila ranar ce kawai, ƙila sun shekara suna rigima a kai. In su da kansu suka kawo matsalar a hira suka tambayi ra'ayinka, wannan daban, kana iya komawa kanta. In kai ne ka hango, haɗiye abinka sai ka shiga.

Abincin rana kuma nasa tarkon ya fi wannan ɓoyuwa, saboda a kan tebur mutane suna sakewa. Wani zai yi ƙorafin manajansa cikin wasa, wata ta ambaci rashin lafiyar ɗanta, wani ya suɓuce baki ya faɗi sunan kwastoman da ba a sanar ba tukuna. Duk waɗannan ba sa shiga rubutu, domin imel ana tura shi gaba, sau da yawa sashen ɗaukar ma'aikata zai gani, kai kana neman nuna kusanci sai ka tona wa wanda ya sake da kai asiri. Haka maganar shekarun mutane, ko shigarsu, ko wa ya fi wa surutu. Abin da za ka ɗauko daga tebur shi ne yadda suke aiki da juna, kamar ka ji sabuwar ma'aikaciya ta ce wata uku na farko an haɗa ta da wani tsohon hannu tana bin sa, ko ka ga an yi tambaya shugaban ya miƙa ta ga wanda ya fi shi sanin abin.

Na uku, ɗaura abin da ka gani a jikinka da jimla ɗaya, in ba haka ba ya zama yabon banza. Ga yadda na masana'antar zai fito:

"Barka da yamma, ranka ya daɗe. Na gode ƙwarai da lokacin da ka ba ni yau da zagayen da ka yi da ni. Abin da ya tsaya min a rai shi ne taron canjin aiki a gaban allo, yadda aka kawo maganar ƙarar injin layi na biyu aka rubuta ta nan take tare da wanda zai duba. A inda nake yanzu ni ke rubuta bayanin miƙa aiki na dare, na san yadda ƙaramin abu ke ɓacewa tsakanin masu tashi da masu kamawa, shi ya sa ganin haka ya ƙara min son wannan aikin. In akwai wata takarda da ake buƙata daga gare ni, a shirye nake."

Ka lura ban sa sunan ƙaramin ma'aikacin ba. In ba ka da tabbacin suna da yadda ake rubuta shi, faɗi aikinsa kawai, kiran mutum da sunan wani ya fi rashin kiran muni. Kuma kar ka ƙirƙiri alaƙar, in ba ka taɓa rubuta bayanin miƙa aiki ba, ka ce abu ne da kake son koya, ya wadatar.

Sauran ba wuya. Aika cikin awa 24, ni na fi son yammacin ranar. Ta imel, sai dai in dama ta waya kuke magana. Kan saƙon ya ɗauki sunan aikin da kalmar godiya. In mutum huɗu ne a teburin, kar ka kwafa abu ɗaya ka raba masu, suna haɗa saƙonnin su gani, ka canza aƙalla jimlar tsakiya, amma in lokaci ya ƙure rubuta wa wanda ya gayyace ka ka roƙe shi ya isar wa sauran. Ba maganar albashi a ciki. Karanta sau ɗaya da ƙarfi, duba sunan da ke sama, ka tura.