Yadda na gyara karkarwar sandar da ke tsaye kan amalanke

Sandar da moto ke riƙewa a tsaye ta hanyar motsa amalanke tana tsayuwa, amma moton yana ta kuka, amalanken na karkarwa har bel ɗin ya fara tsallake haƙora. A kwaikwayon kwamfuta kuwa komai lafiya lau da wannan `K` ɗin, wato jerin adadin da ake ninka ma'aunai da su, wanda hanyar lissafi ta LQR ta bayar.

Laifin ba na `K` ba ne. Dokar `u = -Kx`, wadda ke lissafa wutar `u` da za a ba moto, tana buƙatar abu huɗu a cikin `x`: matsayin amalanke, saurinsa, kusurwar sanda da saurin kusurwar. Matsayi da kusurwa kawai nake aunawa, saurin kuma lissafo shi nake daga bambancin karatu biyu. Enkodata, na'urar da ke auna kusurwar sanda, tana ba da ƙirga 2400 a zagaye ɗaya, wato ƙirga guda 0.0026 rad ne. Da nake karantawa duk milisakan 1, ƙirga ɗaya tak sai ya zama saurin 2.6 rad/s. A ninka da 3, wato adadin da `K` ya ware wa saurin kusurwa, ga kusan 8 V an watsa wa moto mai 12 V alhali sandar ko motsin kirki ba ta yi ba.

Na mayar da karatun duk milisakan 5, sannan na tace saurin `w`, inda `th` ke nufin kusurwar yanzu, `th0` kuma ta karatun baya:

```
w = 0.6*w + 0.4*(th - th0)/0.005;
```

Tsallen ya sauko zuwa kusan 0.6 V, moton ya yi shiru.

A kula, tacewa jinkiri take kawowa. Da na rage 0.4 zuwa 0.1, na kuma ƙara 0.6 zuwa 0.9, karkarwa ta ɓace amma sandar ta shiga lilo mai ƙaruwa har ta faɗi. Idan ka ga lilo a hankali, ka cika tacewa. Idan kuka ne mai kaifi, tacewar ba ta isa ba.