Yadda ake tsara rahoton mako na wurin gini

Ɗan kwangilar da ke ɗora ajujuwa biyu a Gombe, shafi ɗaya ya ishe shi. Ka fara da sunan aiki, makon nawa ne, da kwanan wata.

Daga nan ka ja layuka huɗu: aiki, abin da aka tsara, abin da aka yi, da bambanci. A ce an tsara jera bulo 1,200, sai aka jera 900. Kashi 75 cikin ɗari ke nan, gibin bulo 300. Bulon da ya hau katanga za ka ƙirga, da kanka. Wanda ke jibge a ƙasa ba aiki ba ne, kuma magini kan ce maka "an kusa gamawa" ko da rabi aka yi.

Ƙarƙashin kowane gibi ka rubuta dalili, da ranarsa: tifar yashi ba ta zo ba ran Talata, ruwan sama ya tsayar da aiki ran Laraba. "Matsalar kaya" kawai ba bayani ba ne.

Sai buhunan simintin da suka rage a sito, da yawan leburori.

A shirin mako mai zuwa, bulo 300 ɗin nan za ka fara sakawa kafin zuban linta.