Yadda ake komawa sofbol idan ka saba da besbol

Masu kallon besbol na Amurka ko Japan suna ɗauka sofbol ƙaramin besbol ne kawai, sai sun shiga fili su gane ba haka ba ne. Nau'in jifa mai sauri nake magana a kai, wanda mata suka fara bugawa a Olamfik a Atlanta a 1996.

Da farko ka nemo ƙwallon da ya dace, kar ka ce za ka koya da na besbol don shi ke gare ka. Kewayen na besbol inci 9 ne da ɗan ɗoriya, na sofbol inci 12, yawanci ruwan ɗorawa mai jan ɗinki, kuma ya fi nauyi, ba wani laushi gare shi ba, idan ya same ka a ƙwauri za ka ji a jikinka. Guda biyu sun isa a fara, kuɗin da ya rage a sayi safar kamu mai zurfin aljihu, don ƙwallon yana yawan zamewa daga ƙaramar safar besbol.

Sai awon fili. Tsakanin bes da bes ƙafa 60 ne maimakon 90. Ka sa tef, kar ka auna da taku, sannan ka ja daga gida zuwa bes na biyu ka ga ya ba ka ƙafa 84 da inci 10, in bai ba ka ba to filinka ya karkace. Mai jifa ba ya hawa tudu irin na besbol, ƙasa a shimfiɗe take, ana zana masa da'ira, kuma tazararsa da gida ƙafa 43 ce ga mata, 46 ga maza, alhali ta besbol ƙafa 60 da inci 6 ce. Kar gajartar ta ruɗe ka. Ƙwallon da ke gudun mil 60 a awa daga ƙafa 43 yana isowa cikin kusan rabin sakan, kusan daidai da na besbol mai mil 90, shi ya sa duk mai jan sanda baya sosai kafin ya buga sai dai ya ji ƙwallo a safar mai kamu.

To jifan shi ne inda na ga sababbi suna faɗuwa. Ta ƙasa ake yi, hannu ya zagaya sau ɗaya cikakke, ya tashi ta gaba, ya wuce kusa da kunne, ya sauko ta baya, a saki ƙwallo daidai gefen cinya. Yawancinsu sai su sunkuya gaba kamar masu mirgina ƙwallo a ƙasa, su ƙame gwiwar hannu, ƙwallon ya tafi sama ba ƙarfi. Tsaya a miƙe. Yayin da hannu ke sama ka turo da ƙafar dama ka yi dogon taku da ta hagu, idan kai badame ne, jiki ya juya gefe don ƙugu ya ba hannu hanya, ƙafar baya kuma ta biyo tana jan ƙasa. Gwiwar hannu da ɗan lanƙwasa, a sake, har ka ji damtsenka ya goga jikinka lokacin saki.

Ƙwallon da kansa zai gaya maka laifinka. Ya yi sama, ka makara wajen saki. Ya daki ƙasa, ka yi gaggawa. Yana baudewa gefe kullum, to hannunka ya yi nesa da jiki ko takunka ya bar layi, ka ja layi a ƙasa daga inda kake zuwa mai kamu ka riƙa duba sawunka bayan kowane jifa. Ni dai ba na barin sabo ya yi cikakken zagaye sai ya iya jifa daga gefen cinya a tazarar ƙafa 15, ya liƙa baƙin tef a kewayen ƙwallon ya ga layin yana juyawa a miƙe ba ya rawa, sannan ya matsa baya kaɗan-kaɗan. Sauri daga baya yake zuwa.

Saura tsawon wasa, inin 7 ne ba 9 ba, don haka ba lokacin cewa za mu rama daga baya. Mai gudu kuma ba ya barin bes sai ƙwallo ya fita daga hannun mai jifa, wannan ɗan matsawar da ake yi a besbol kafin jifa, a nan alƙali fitar da kai zai yi. Idan an yi kunnen doki bayan na 7, a wasannin duniya ana fara ƙarin inin da mai gudu tsaye a bes na biyu, ku ma ku yi haka don a tashi da wuri.