Darasi na tara: Baƙi ɗaya, harshe daban

Wani dattijo ɗan ajinmu, mai tebur ɗin dabino a Babbar Kasuwa ta Maraɗi, ya zo mana wata rana da guntun kwali a aljihu. Ya ce, "Malam, duba mini wannan. Na sauke Alƙur'ani, Larabci ba baƙona ba ne, amma na kasa fid da ko kalma biyu a jere. Ga shi kuma an sa shekara ta 1404, ƙanena ya ce wai dabinon ya girmi babban ɗana." Na karɓa na duba, na ce masa, "Baba, karatunku bai gaza ba. Wannan Farisanci ne, harshen mutanen Iran."

Baƙaƙen Larabci riga ce da harsuna da yawa suka ara. Mu Hausawa mun ara muka yi ajami, haka Fulani da Barebari. Mutanen Iran sun ara, mutanen Pakistan masu harshen Urdu su ma haka. Farisanci da Urdu dangin juna ne, amma ba dangin Larabci ba ne, sai dai sun kwashi kalmominsa jingim kamar yadda muka kwasa. Shi ya sa za ka tsinci kalma ɗaya da ka sani, ta gaba da ita ta gagare ka. To, in ka ga allon shago ko kwalin kaya, kada ka yi saurin karantawa. Fara kallo tukuna.

Abu na farko shi ne wasali. Ajamin Hausa kusan kullum da wasullansa yake tafe: wasali bisa, wasali ƙasa, rufu'a, ɗauri, da ɗigon nan mai kauri na ƙasa da ke ba da sautin "e". In babu su, ba ka raba "gari" da "guri". Larabcin kanti kuwa, da Farisanci da Urdu, tsirara ake buga su, ba wasali sai jefi-jefi. Samo takardar naira daga wurin 'yan canji ko masu bin hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya. Mutane da dama na cewa Larabci ne a jikinta, alhali ta 1000 cewa ta yi "Naira dubu", ta 500 kuma "Naira ɗari biyar". Hausa ce tsantsa, Balarabe da "alfu" zai ce. Sai dai wasali kaɗai bai yanke hukunci ba, domin aya ko addu'ar da aka rubuta a ƙofar shago ko bayan mota ita ma da wasali take, kuma Larabci ce. Nan baki ne alƙali: karanta a bayyane, in ka ji Hausa to Hausa ce. In yana karantuwa sumul amma ba ka ji komai ba, ba kuma Larabci ba, nemo mai jin Fillanci ko Barbarci ka karanta masa.

In rubutun ba shi da wasali, sai ka nemi alif da lam a farkon kalmomi (ال), da ta kuri a ƙarshensu (ة). Larabci ba ya yin layi biyu ba tare da su ba. Ƙananan kalmomi irin "fi" (في) da "ala" (على) su ma shaida ne, kuma a kan kaya za ka yawaita ganin صنع في, wato "an yi shi a", sannan sunan ƙasa ya biyo, kamar yadda yake a kwalayen da ke sauko mana daga Aljeriya.

A kwalin dattijon nan ta kuri ko ɗaya babu. Abin da muka samu shi ne kaf lasan mai sanda biyu a ka (گ). Larabci na da baƙi 28, Farisanci na da 32, domin ya ƙara huɗu: پ mai sautin "p", چ mai sautin "c", ژ, da wannan گ mai sautin "g". Cikin huɗun, گ ne na fi dogara da shi, saboda masu ajami ma sukan tara ɗigo uku a kan baƙi, kamar ɗa mai hannu da ake sa wa uku (ڟ) ya zama "tsa". A ƙasan kwalin kuma muka ga ساخت ایران, ana karanta shi "sakte Iran", ma'ana ƙirar Iran.

Urdu na da waɗannan huɗun duka, don haka گ ya fid da Larabci ne kawai, bai raba dangin biyu ba. Abin da ke raba su wani ɗan mitsitsin ɗa mai hannu ne da ke zaune bisa baƙi kamar tsuntsu a kan sa: ٹ da ڈ da ڑ. Farisanci ba shi da wannan. Akwai kuma nun marar ɗigo a ƙarshen kalma (ں). Rubutun Urdu yakan gangaro daga sama dama zuwa ƙasa hagu, kalmomi kamar an rataye su, ko da yake 'yan Iran ma suna yin wannan hannu wajen ƙawata suna. Wani abu da ke ruɗin almajiran Warashu shi ne ya mai komawa da baya (ے). Urdu cike yake da ita, amma mu ma haka muke jan ta a allo, saboda haka ita kaɗai ba hujja ba ce. Haka fa mai ɗigo a ƙasa da ƙaf mai ɗigo ɗaya a sama: hannun marubuci suke nunawa, cewa ɗan makarantar allo ne, ba su faɗi harshen ba.

Mu koma kan shekarar da ta tayar wa Baba hankali. An buga ۱۴۰۴/۰۶/۱۵ gaban kalmar انقضا, wato ƙarewa. Ranar yin kaya kuwa تولید ake sa mata. Lambobi daga hagu ake karanta su, shekara, wata, rana. Ɗigon nan sifiri ne. Huɗu, biyar da shidan Farisanci (۴ ۵ ۶) sun saɓa da na Larabci (٤ ٥ ٦), wannan ma wata shaida ce ta harshen. Abin da ke jiki ke nan 1404, wata na 6, rana ta 15.

Ƙanen nasa ya ɗauka Hijirar da muka sani ce ta wata, wadda 1404 ɗinta ta faɗo tsakanin 1983 da 1984. Iran ma daga Hijira take ƙirga, amma da shekarar rana, kuma sabuwar shekararsu na kamawa wajen 21 ga Maris. Lissafin mai sauƙi ne, ka ƙara 621: 1404 da 621 sun ba da 2025. Watansu na 6 na farawa 23 ga Agusta, rana ta 15 ke nan ta zama 6 ga Satumba 2025. In kwanan ya faɗo a ƙarshen shekararsu, daga Janairu zuwa wajen 20 ga Maris, 622 za ka ƙara. Lokacin da ya kawo kwalin, saura wata bakwai dabinon ya ƙare. Ya yi dariya ya ce, "Ashe da na karyar da shi rabin kuɗi a banza."

Aikin gida: kowa ya zo da abu uku masu rubutun baƙaƙen Larabci, ko takardar kuɗi, ko kwalin magani, ko buhun shinkafa, ko ka kwafo allon wani shago na unguwarku. A littafinka rubuta harshen da kake zato, ka zana baƙin da ya sa ka faɗi haka. Sannan warware wannan kwanan da aka buga a kaya ƙirar Iran: ۱۴۰۵/۰۱/۰۱.