Babi na Shida: Zaburar Jiki a Bakin Barci

Darasi na farko: mene ne abin

Ka kwanta a kan tabarma a tsakar gida bayan sallar isha'i, idonka ya yi nauyi, muryar maƙwabta ta fara yi maka nisa, sai kwatsam ka ji kamar ƙafarka ta zame daga bakin rijiya. Ƙafa ta harba, ko hannu ya fizga, ko kuma jiki duka ya zabura, ka buɗe ido gabanka yana faɗuwa. Babu rijiya, babu wanda ya taɓa ka, kana nan inda ka kwanta. Wannan shi ne abin da za mu kira zaburar barci a cikin wannan babi.

Da na tambayi ajinmu na yamma a nan Zinder wa ya taɓa jin haka, da farko babu wanda ya ɗaga hannu, sai da wata baiwar Allah mai sayar da ƙosai ta ce: “Malam, ni kam yana yi mini, amma ban taɓa faɗa wa kowa ba, don ina tsoron a ce iska ce.” Daga nan hannuwa suka yi ta tashi. Likitoci sun ƙiyasta cewa a cikin mutum 10, kimanin 7 suna jin wannan zabura, yara da manya, maza da mata. Ba cuta ba ce, kuma ba ta barin wata illa a jiki.

Ga yadda take faruwa. Lokacin da mutum yake farke, akwai wani sashe a gindin ƙwaƙwalwa, wajen ƙeya, wanda yake riƙe da shi a farke, yana kuma sa naman jikinsa ya kasance a ɗaure, a shirye. Idan barci ya zo, wannan sashe yana sassautawa a hankali, numfashi ya lafa, bugun zuciya ya ragu, naman jiki ya saki. Wannan miƙa aiki daga farke zuwa barci ba kullum yake tafiya sumul ba. Wani lokaci, a daidai tsakiyarsa, saƙo guda yakan kuɓuce ya bi jijiya zuwa ƙafa ko hannu, naman wurin ya tsuke da ƙarfi sau ɗaya, ya saki. Duka abin ba ya kai daƙiƙa guda. Shaƙuwa ma irin wannan fizga ce ta naman jiki wadda mutum bai yi niyya ba, kuma babu wanda ya taɓa tara dangi saboda shaƙuwa.

Kada a haɗa ta da dannau. Mai dannau yana farke amma ya kasa motsi, ita kuwa zabura motsi ne da ya zo ba a kira shi ba.

Darasi na biyu: tambayar da ake mantawa

Kafin ka yanke hukunci a kan kowace fizgar jiki, taka ko ta wani a gidanku, ka fara tambaya: yaushe ta faru? Zaburar barci tana zuwa ne a lokacin da barci yake ɗaukar mutum, wato a mintocin farko bayan ya kwanta, ko yana gyangyaɗi a zaune. Ba ta zuwa yana tafiya a hanya, ba ta zuwa yana cin tuwo. A nan ne kusan kowa yake tuntuɓe, domin idan na ce a ba ni labari, sai a yi ta bayyana ƙarfin fizgar da irin tsoron da aka ji, a manta da lokacin. Ƙarfinta ba ya gaya mana kome, lokacinta shi ne yake faɗa.

Ka ɗauki littafinka ka rubuta wannan kalma da manyan baƙaƙe: YAUSHE. Idan hannunka bai saba ba, yi a hankali, harafi shida ne kawai, kuma wanda ya iya rubuta sunansa zai iya wannan. Ka sake rubuta ta sau uku. Bayan ita akwai tambaya biyu ƙanana: sau nawa jikin ya fizga, kuma da mutumin ya buɗe ido ya san inda yake? Idan a bakin barci ne, sau ɗaya ne ko biyu, kuma hankalinsa yana tare da shi, to zabura ce, ya gyara kwanciya ya koma barcinsa.

Wani ɗalibinmu, tela ne a kasuwar Dole, ya zo yana cewa kusan kowane dare sai ya zabura, har ya fara tsoron kwanciya. Na tambaye shi yaushe, ya ce abin da ƙarfi, Malam. Na sake tambayarsa yaushe, ya ce har matarsa tana farkawa. Sai a karo na uku ya ce da zarar barci ya fara ɗaukarsa, wajen ƙarfe 11. Muka bi yininsa baya baya. Ƙarfe 9 na dare yana fada da abokansa, ana dafa shayi, yana shan na farko mai ɗaci da na biyu da na uku, ga goro a baki. A cikin shayi da goro da kafe akwai wani sinadari mai suna kafin, wanda yake hana ƙwaƙwalwa sassautawa, kuma jiki yana ɗaukar kimanin awa 5 kafin ya fitar da rabinsa. Muka ƙirga da yatsu daga ƙarfe 9: sai ƙarfe 2 na dare rabin zai fita. Ke nan lokacin da yake kwanciya, mafi yawan abin da ya sha yana cikin jininsa. Ga shi kuma ana dab da salla, ɗinki ya yi yawa, barcinsa ya ragu, masu kaya suna yi masa sintiri. Ƙarancin barci da damuwa da taba sigari duk suna ƙara yawan zabura. Ya mayar da shayinsa bayan la'asar, zaburar ta ragu, ko da yake takan zo jefi-jefi, kuma haka take yi wa mutane da yawa.

Na faɗa, zan sake faɗa, domin makon jiya mutum huɗu sun kawo mini littafi babu kalmar yaushe a ciki. Ba za ku ce ba ku da lokaci ba, kuna da lokacin zaman fada. Wanda bai rubuta yaushe ba bai yi darasin ba, ko da ya cika shafi.

Darasi na uku: wadda ba zabura ba

Idan amsar yaushe ta ce da rana ne, ko da safe bayan tashi har kofi ya suɓuce daga hannu, wannan ba abin da muke magana a kai ba ne. Haka nan idan jiki ya yi ta jijjiga bai tsaya ba, mutum ya ciji harshe, ko ya yi fitsari, ko ya farfaɗo bai gane mutane ba, ana iya zargin farfaɗiya, sai a je asibiti. Yaro mai zazzaɓi da ya fara jijjiga, a kai shi a lokacin, kada a jira gari ya waye.

Darasi na huɗu: aikin gida

Kwana bakwai, kowane dare layi guda: lokacin shayi ko goro na ƙarshe, lokacin kwanciya, da ko an zabura. A kawo ranar Litinin.