Yadda ake haɗa shingen tsallake da karan dawa da gorar ruwa

Shingen tsallake na manyan gasannin gudu na duniya, mafi gajarta a cikinsu, tsayinsa santimita 76 ne, ya yi wa yaron firamare yawa, ga tsada. Na ɗan aji huɗu zuwa shida, santimita 25 zuwa 30 ya isa, kuma duk abin haɗa shi yana nan Zariya: karan dawa bayan an yi girbi, gorar ruwa ta roba mai lita ɗaya da rabi, yashi, da salatif.

Mu ɗauki aji mai yara 60. Layi uku za ka yi, kowane da shinge huɗu, wato shinge 12. Kowane shinge gora biyu ne da kara ɗaya kwance a kansu, saboda haka kana bukatar gora 24 da kara 18, domin shida na ajiya ne, tabbas wasu za su karye. Gora kuwa, ka ce kowane yaro ya zo da ɗaya, kafin sati ya ƙare ta yi yawa.

Fara da gorar. Yanke ta daga kafaɗa da almakashi, inda ta fara tsukewa, ta yadda duka za su zama tsayi ɗaya. A bakin da ka yanke, fitar da ɗan gurbi a ɓangarori biyu masu fuskantar juna, zurfinsa kada ya wuce santimita ɗaya. A nan karan zai kwanta. Bakin roba da aka yanke yana da kaifi, saboda haka ka naɗe shi da salatif, ka shafa da yatsa ka ji. Wannan aikin malami ne, kada a ba yara reza. Sai a zuba yashi zuwa rabi, nauyinsa zai ɗan haura kilo ɗaya, ya isa ya riƙe gorar a tsaye. Gwangwanin madara ya fi kyan gani, amma ni ba na amfani da shi, don bakinsa na yanka ƙwauri, in ya yi tsatsa kuma maganar ta zama ta asibiti.

Karan ya zama busasshe, miƙaƙƙe, tsawon mita ɗaya da santimita 20. Cire ganyen, ka daidaita bakinsa biyu, ka naɗe su da salatif. Wanda ya tsage a jefar, domin ɓawon kara in ya tsage yanka yake yi kamar wuƙa.

Abin da ya fi komai a aikin nan shi ne karan ya faɗi da zarar an taɓa shi. Ba a ɗaure shi. Na taɓa yin wannan kuskure a wata makaranta lokacin hunturu, iska tana ta kakkaɓe min kara, sai na ɗaure su da robar tayar keke. Wata yarinya ta zo a guje, ƙafarta ta baya ta sarƙe, ta ja gora biyu da yashinsu, ta kife ta gurje haɓa. Tun daga ranar, in iska ta matsa sai in juya layin ko in dakata. Gwajin ba wuya: tura karan da yatsa ɗaya daga inda yaro zai taho. In bai faɗi ba, gurbin ya yi zurfi, a rage shi.

A fili kuwa, bar mita takwas daga wurin tashi zuwa shingen farko, mita shida tsakanin shinge da shinge, sai mita takwas zuwa ƙarshe, jimilla mita 34. Tsakanin layi da layi mita biyu. In ka ga yawancin yara suna tsayawa cak gaban shinge kafin su yi tsalle, ko suna gutsura taku, tazarar ba ta dace da ƙafarsu ba, rage rabin mita ka sake gwadawa. Layin a ja shi da toka mai sanyi, amma a tankaɗe ta, don tokar katakon gini cike take da ƙusa.

Kafin a fara, a jera yara su bi filin su tsince duwatsu, fasasshen kwalba da tsidau. Ba a tsallake da silifas. Mai dogon hijabi ta tattare shi ta ɗaure a ƙugu. Kowane shinge da yaro ɗaya a gefe mai mayar da kara, kuma na baya ba ya tashi sai na gaba ya fita daga layi an ɗaga hannu. Gudu ta fuska ɗaya kawai ake yi, mai komawa ya zagaya ta waje.

In an tashi, a ɗaure karan dami a rataye, don gara ba ta barin wanda aka ajiye a ƙasa. Da damina a shigar da gorar ɗaki kada ruwa ya kwanta sauro ya samu wuri, kuma malami ya karkaɗe damin da kansa kafin yara su sa hannu, saboda kunama.