Yadda ake zana inuwa a ƙarƙashin ƙafar mutumin da aka saka a sabon hoto

Ana saura kwana huɗu Babbar Sallah wani matashi ya shigo shagona a Katsina da hotuna biyu a waya. Ɗaya na mahaifinsa ne sanye da babbar riga, an ɗauka a tsakar gida. Ɗayan kuma filin Ƙofar Soro ne da yamma. Ya ce, "Malam, so nake a tsayar da Baba a nan, za mu buga babba mu rataya a falo." Na yanke hoton tsaf, na daidaita launi, na juya masa allon. Ya yi shiru yana kallo, sannan ya ce, "Ya yi kyau, amma kamar Baba bai taka ƙasa ba." Gaskiya ya faɗa. Bai san sunan abin da ya ɓace ba, amma idonsa ya gani, inuwa ce babu. Da wannan hoton zan nuna aikin, a Photoshop. Wanda ke amfani da Photopea zai tarar da kusan duk abin da na ambata a wuri ɗaya.

Kafin ka taɓa buroshi, karanta ranar da ke cikin hoton

Inuwar da za ka zana ba daga kanka za ta fito ba, hoton wurin ne zai gaya maka. Nemi wani abu da ke tsaye a ƙasa wanda inuwarsa ta fito sosai: turken fitila, babur, ko mai wucewa. Tambayoyi uku za ka yi masa. Ina inuwar ta nufa? Yaya tsawonta idan aka gwada da tsawon abin? Bakinta kaifi ne ko a baje yake?

A hoton Ƙofar Soro akwai wani mutum tsaye daga gefe. Tsawonsa fiksel 400, inuwarsa ta kwanta hagu, ta ɗan karkata baya, tsawonta fiksel 500. Wato inuwar ta kai tsawon mai ita da ƙarin kashi ɗaya cikin huɗu. Wannan ya dace da abin da kowa ya sani, domin la'asar na shiga ne idan inuwar abu ta kai tsawonsa bayan an cire inuwar zawali, hoton kuma bayan la'asar aka ɗauke shi. Dattijon namu tsawonsa fiksel 1600 ne a hoton, saboda haka inuwarsa za ta kai wajen 2000. Wannan lissafi yana aiki ne sosai idan inuwar gefe ta kwanta. Idan ta nufo mai ɗaukar hoton ko ta yi baya sak, nisa yana gajarta ta a ido, sai ka gwada da abin da ya fi kusa da inda za ka tsayar da mutumin.

Ka lura da lokacin shekara ma. Katsina na wajen digiri 13 arewa, don haka a ƙarshen watan Afirilu da tsakiyar Agusta rana kan tsaya kusan tsakiyar ka da azahar, inuwa ta taru a gindin ƙafa kamar faifai. A Disamba kuwa ko da tsakar rana inuwa na karkata arewa, ta kai kusan kashi uku cikin huɗu na tsawon mutum. Ranar da hazon hunturu ya yi kauri, doguwar inuwa kusan ɓacewa take yi, sai wani duhu-duhu a kusa da ƙafa. A irin wannan hoto kada ka zana doguwar inuwa mai kaifi, ƙarya za ta yi maka.

Sai ka dubi mutumin da kansa. Idan inuwar wurin hagu ta faɗi, rana na dama, to dole ɓangaren dama na hoton jikinsa ya fi haske. Idan suka saɓa, wasu kan juya mutumin da Flip Horizontal. A babbar riga ban yarda da wannan ba, domin aljihu da aikin aska a ƙirjin hagu suke, in ka juya sun koma dama, duk wanda ya taɓa sa riga zai gane. Gara a nemi wani hoton wurin. Mu mun yi sa'a, hasken ya zo ɗaya.

Fara da 'yar siririyar inuwar ƙasan takalmi

Wannan ita ce ta fi ƙanƙanta, ita ce kuma ke dasa mutum a ƙasa. Inda takalmi ya haɗu da ƙasa haske ba ya samun hanyar shiga, ko rana ake yi ko hadari, shi ya sa wurin ya fi ko'ina duhu.

Buɗe sabuwar leya a ƙarƙashin leyar mutumin, ka mai da yanayinta Multiply. Kada ka ɗauki baƙin launi. Danna I, ka tsinci launi daga cikin inuwar da ke hoton wurin, daga inda ta fi duhu. A ƙasarmu mai ja-ja za ka ga launin ƙasa-ƙasa ne mai duhu, wani lokaci da ɗan shuɗi-shuɗi saboda hasken sama da ke sauka cikin inuwa. Baƙi wuluk yakan zauna a kan hoto kamar tabon baƙin mai.

Danna B don buroshi. Sa Hardness wajen 30%, Flow 10%, girman kuma ƙarami, kamar fiksel 12 zuwa 15 a hoton da tsayinsa ya kai 3000. Zuƙo hoton har takalmin ya cika allo. Yanzu bi layin da tafin takalmin ya taɓa ƙasa, rabin buroshin na ɓoye a bayan takalmin, rabi na leƙowa. Maimaita sau uku ko huɗu har duhun ya taru. Abin da ya kamata ya leƙo fiksel uku zuwa biyar ne kawai.

Nan ne ake son haƙuri, domin ba duk takalmin ke taɓa ƙasa ba. Dattijon sanye yake da takalmin fata buɗaɗɗe, bakin gabansa ya ɗan ɗaga sama, kamar yadda takalmin da aka daɗe ana sawa kan yi. A dunduniya da tsakiyar tafi na sa layin ya yi siriri ya yi duhu ƙwarai. A gaba, inda akwai 'yar tazara, na bar shi ya faɗaɗa ya yi haske, ya ɗan ja da baya daga bakin takalmin. Idan ka zagaye takalmi da layi mai kauri ɗaya daga gaba har baya, zai fito kamar an zana shi da biro. Kuma kada layin ya hau gefen takalmin ta sama, inuwa a ƙasa take kwanciya.

Mace mai zane ko doguwar riga da ta sauka har ƙasa, ka'idar ɗaya ce. Inda bakin yadin ya taɓa ƙasa duhu siriri, inda ya ɗaga duhu mai faɗi da laushi.

Sai duhun da jiki ke tarawa a kewaye

Sabuwar leya, ita ma Multiply, a ƙarƙashin ta farko. Buroshi babba, wajen fiksel 250, Hardness 0%, Flow 3% zuwa 5%. Shafa a hankali tsakanin ƙafafun biyu da ƙarƙashin rigar. Siffarta ta zama kamar ƙwai kwance, ba da'ira ba, tunda ƙasar daga gefe muke kallonta. Babbar riga na tare haske da yawa, don haka tata ta fi ta mai ƙananan kaya faɗi.

Doguwar inuwa

Riƙe Ctrl ka danna ƙaramin hoton leyar mutumin, za a zagaye siffarsa. Buɗe leya ta uku a ƙasan leyoyin inuwar biyu, a saman hoton wurin, cika ta da launin nan da ka tsinta ta hanyar Alt+Backspace, sannan Ctrl+D. Mai da ita Multiply. Danna Ctrl+T, danna dama, zaɓi Distort, ka kama ɗigon tsakiya na sama ka ja shi hagu da ƙasa har siffar ta kwanta. Ni nakan ja layi daga ƙafar mutumin da na gwada da shi zuwa kan inuwarsa, in kwafi layin zuwa ƙafar dattijon, in bi shi. Da rana inuwoyin da ke wuri ɗaya hanya ɗaya suke bi.

Abu biyu kan lalace a nan. Na farko, Distort yakan daidaita ƙafa ɗaya ya bar ɗayar tana rataye. Shiga Edit sannan Puppet Warp, kafa fil a gwiwa da ƙugu don kada su motsa, ka ja ƙafar inuwar har ta shige ƙarƙashin takalmin. Ko tazarar fiksel biyar aka bari tsakanin takalmi da inuwarsa, mutumin ya tashi sama ke nan.

Na biyu ya fi wuyar ganewa. Siffar da ka kwafa ita ce yadda mai ɗaukar hoto ya ga mutumin ta gaba, amma rana daga gefe take kallonsa. Babbar riga ta gaba faɗi gare ta kamar tabarma, ta gefe kuwa ba ta kai haka ba. Don haka na matse faɗin inuwar, na goge fikafikan hannun rigar kaɗan da Layer Mask, na bar hula da kafaɗa su fito.

Inuwa ta gaske tana da kaifi a kusa da ƙafa, tana bajewa yayin da take nisa. Shiga Filter, Blur Gallery, Field Blur. Kafa fil ɗaya a ƙafa ka ba shi fiksel 2, wani a kan inuwar ka ba shi wajen 18. Ƙara ko rage gwargwadon bakin inuwar da ke hoton wurin. Bayan haka rage Opacity. Launin da ka tsinta yakan fi na asali duhu da zarar ya hau Multiply, a hotonmu sai da na sauko 70% kafin su yi daidai. Don tabbatarwa, tsinci launin inuwarka da na inuwar asali, ka duba lambar B ta haske, wadda ke ƙarƙashin H da S, a Color Picker. Ta asali ta ba ni 38, tawa 37, na bar ta haka. Da ranar ƙarfi kada ka dusashe ƙarshen inuwar da yawa, ɗan kaɗan ya isa.

Idan inuwar ta ci karo da bango ko matakala, ba ta ratsawa. A gindin bangon take karyewa ta hau sama. Yanke ta a wurin da Lasso, ka miƙar da guntun da Distort.

Gyaran ƙarshe a kan takalmin da ƙasa

Hoton dattijon a kan siminti aka ɗauke shi, ƙasan takalmin ya yi fari fat. Na buɗe leya a saman tasa, na danna Ctrl+Alt+G don ta tsaya a jikinsa kawai, na sa Multiply, na ɗan duhunta gefen tafin da bakin wandon. Sannan da Layer Mask na ci fiksel ɗaya ko biyu daga ƙasan takalmin da buroshi mai ɗan kaushi, domin a kan rairayi takalmi nutsewa yake yi kaɗan, ba ya zama da layi miƙaƙƙe.

Yanzu ɗora leyar Black & White a saman komai na ɗan lokaci, ka rage hoton ya koma girman allon waya. Babu launi da zai ruɗe ka. Layin ƙasan takalmin ya kamata ya zama mafi duhu a wurin, amma kada ya fi duhun da ke ƙarƙashin motoci da baburan da ke hoton. Kashe leyoyin inuwar ka kunna, ka ga ko mutumin na sauka ƙasa duk lokacin da ka kunna. Idan za a buga babba, kamar wannan da aka buga don falo, fara buga ɓangaren ƙafafun kaɗai a ƙaramar takarda, domin inji kan ƙara wa inuwa duhu fiye da yadda allo ke nunawa. A gwajinmu ta fito da ɗan nauyi, na rage doguwar zuwa 62%, na bar ta ƙasan takalmin yadda take.